Ranar da na sanya takardar shaidata a manhajar imel

Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne wata abokiyar aiki da muke musayar takardun yarjejeniya da ita ta imel, wadda ta nemi in riƙa sa hannu na dijital a kan saƙonnina, domin ta tabbatar cewa daga gare ni suka fito kuma ba a taɓa komai a cikinsu ba a hanya. Ta ƙara da cewa idan hakan ya zauna, sai mu koma kulle saƙonnin gaba ɗaya. Tsarin da take amfani da shi sunansa S/MIME, wanda aka fitar da sigarsa ta 4.0 a shekarar 2019 cikin takardar ƙa'ida mai lamba RFC 8551, ni kuma manhajar da nake karanta imel da ita a kwamfutata ita ce Thunderbird. Na ɗauka aikin ba zai wuce ɗora fayil ɗaya da danna maɓalli biyu ba. Ɗora fayil ɗin kam bai kai minti ɗaya ba, amma sai da yammacin ranar ya ƙare kafin saƙona na farko mai sa hannu ya fita, kuma dalilin jinkirin daga wajena yake, domin ban fahimci cewa abin da ake kira takardar shaida abubuwa uku ne da dole su haɗu wuri guda ba.

Na farko shi ne mabuɗin sirri, wanda ba ya barin hannun mai shi. Na biyu shi ne takardar shaidar kanta, wadda ke ɗauke da mabuɗin fili, wato abokin haɗin mabuɗin sirrin, tare da adireshin imel ɗin mai ita da ranar farawarta da ranar ƙarewarta, da kuma sa hannun hukumar da ta bayar da ita. Na uku shi ne silsilar waɗanda suka tsaya wa takardar, daga hukumar da ta sa mata hannu har zuwa wata babbar hukuma ta tushe da manhajar ta riga ta yarda da ita. Misalin da ya fi zauna mini a kai shi ne na kwaɗo da makullinsa. Mabuɗin fili tamkar buɗaɗɗen kwaɗo ne da kake raba wa jama'a, kowa na iya datse akwati da shi ya aiko maka, amma kai kaɗai ne mai makullin buɗewa. A wajen sa hannu kuma lamarin juyawa yake yi: da mabuɗin sirri ake buga hatimin, da na fili ake tantance shi.

Hukumar da na nemi takardar a wurinta ta ba ni zaɓi biyu, ko dai ta ƙirƙiri mabuɗan da kanta ta aiko mini da komai a dunƙule, ko kuma in ƙirƙira a kwamfutata in aika mata da buƙatar sa hannu kawai. Na zaɓi na biyu, saboda ban ga hikimar a ce mabuɗin da ake kira na sirri ya fara rayuwarsa a kwamfutar wani ba. Da wannan umarni na OpenSSL, manhajar da ake ƙirƙirar mabuɗai da sarrafa takardun shaida da ita, na yi shi:

```
openssl req -new -newkey rsa:3072 -keyout sirri.key \
  -out bukata.csr -subj "/CN=ni@example.org"
```

Umarnin ya nemi kalmar sirri da zai kulle mabuɗin da ita, sannan ya fitar da fayil biyu. Na aika `bukata.csr` na riƙe `sirri.key`. Irin takardar da na nema ita ce mafi sauƙi, wadda abin da kawai take shaidawa shi ne cewa mai ita yana da iko da akwatin imel ɗin da aka rubuta a ciki, don haka tantancewar da aka yi mini ba ta wuce wata lamba da aka turo akwatin na mayar ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin irin wannan takarda ba ta shaida sunan mutum ko wurin aikinsa, akwai wasu nau'o'in da ake tantance waɗannan a cikinsu. Ƙa'idojin da ƙungiyar CA/Browser Forum ta shimfiɗa wa hukumomin bayar da takardun S/MIME, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Satumba 2023, su ne suka rarraba nau'o'in, kuma a ƙarƙashinsu sababbin takardu ba sa wuce kwana 825. Tawa ta shekara ɗaya ce.

Da takardar ta iso, na adana ta da sunan `shaida.crt`, kuma kafin in kai ta ko'ina na buɗe ta in ga abin da ke ciki. Wannan mataki ne da nake ganin bai kamata a tsallake shi ba, domin yawancin matsalolin da za su biyo baya ana iya hango su tun daga nan.

```
openssl x509 -in shaida.crt -noout -dates -issuer \
  -ext subjectAltName,keyUsage,extendedKeyUsage
```

Abubuwa uku na duba. A ƙarƙashin `Subject Alternative Name` na ga adireshina daidai harafi da harafi, wanda ke da muhimmanci saboda manhajar mai karɓa tana kwatanta adireshin da saƙo ya fito daga gare shi da wanda ke cikin takardar, idan suka saɓa kuma ta yi gargaɗi ko da sa hannun kansa lafiyayye ne. A ƙarƙashin `Key Usage` na ga `Digital Signature` da `Key Encipherment`, ma'ana takarda ɗaya za ta yi mini aikin sa hannu da na kullewa. Wasu hukumomin suna raba su takarda biyu, sai mutum ya yi ta mamakin abin da ya hana wadda ke hannunsa bayyana a ɗaya daga cikin guraben da manhajar imel ta ware wa sa hannu da kullewa. A ƙarƙashin `Extended Key Usage` kuma na ga `E-mail Protection`, wanda shi ne ke nuna don imel aka yi ta, ba don shafin intanet ba.

Manhajar imel ba ta karɓar mabuɗi da takarda a rarrabe. Tana so a haɗa su cikin fayil ɗaya na tsarin PKCS #12, wanda sunansa ke ƙarewa da `.p12` ko `.pfx`, kuma duka biyun abu ɗaya ne. Na haɗa su, na sa wa fayil ɗin kalmar sirri mai tsawo, na koma Thunderbird. Hanyar ita ce `Account Settings`, sai `End-To-End Encryption` a ƙarƙashin akwatin da ake so, sai a gangara sashen S/MIME a danna `Manage S/MIME Certificates`. A shafin `Your Certificates` na danna `Import`, na zaɓi fayil ɗin, na shigar da kalmarsa, sai ga takardata ta bayyana a jeri. Daga nan na koma baya na danna `Select` a gurbin takardar sa hannu, manhajar ta tambaye ni ko ina so ta yi amfani da ita wajen kullewa ma, na amince. Har nan babu abin da ya yi gardama.

Na rubuta gajeren saƙo zuwa wani akwatina na daban, na zaɓi `Digitally Sign`, na danna aikawa, sai saƙon ya ƙi fita. Sanarwar da ta fito tana cewa ba a iya sa hannu ba, in duba ko takardar da na zaɓa tana aiki kuma an yarda da ita. Abin da ya fara zuwa mini shi ne agogon kwamfuta, domin idan ranar da ke kanta ta kauce, sabuwar takarda na iya zama kamar lokacinta bai yi ba ko ya wuce. Agogon daidai yake. Sai na yi zargin ko na haɗa takardar da mabuɗin da ba nata ba, amma da na yi tunani na ga hakan ba zai yiwu ba, saboda OpenSSL ba ya yarda ya haɗa su idan ba su dace ba, tun a can zai tsaya. Na sake ɗora fayil ɗin har sau biyu, aikin da bai da amfani ko kaɗan, irin wanda mutum ke yi idan dabara ta ƙare masa.

Abin da ya warware mini shi ne layin `issuer` da na gani tun farko ban kula ba. Sunan da ke wurin ba na babbar hukumar tushe ba ne, na wata hukumar tsakiya ce da ke ƙarƙashinta. Haka tsarin yake kusan ko'ina: ana ajiye mabuɗin tushe a killace ba a taɓa shi sai da babban dalili, tushen ya sa wa takardar tsakiya hannu, ita kuma ta tsakiyar ta riƙa sa wa takardun mutane hannu yau da gobe. Thunderbird tana zuwa da jerin tushen da ta yarda da su, kuma tana da ma'ajiyar takardunta ta kanta, ba ta dogara da ta tsarin kwamfutar ba. Tushen hukumata yana cikin jerin, na gan shi a shafin `Authorities`. Wadda babu ita ce ta tsakiya. Ke nan manhajar tana riƙe da takardata, tana riƙe da tushe, amma babu abin da ya haɗa su, kamar a ce wane ya ce wane ya tsaya masa, alhali wanda aka ambata ɗin ba a san shi ba. Kafin ta sa hannu da takarda, sai ta bi silsilar ta ga inda ta ƙare, kuma tawa a tsakiya ta yanke.

Kuskuren nawa ne, domin lokacin da nake haɗa fayil ɗin ban sa takardar tsakiyar a ciki ba, ko da yake hukumar ta ajiye ta a fili ga mai so. Wanda bai san inda zai same ta ba, takardarsa ma tana faɗa masa, domin akwai wani sashe a cikinta da ake gani idan aka ba umarnin da ya gabata `-ext authorityInfoAccess`, kuma layin da ya fara da `CA Issuers` yana ɗauke da adireshin da za a sauke ta. Wadda na sauko da ita ta zo a tsarin DER, wanda ba rubutu ba ne da ido zai karanta, sai da na mayar da ita PEM da `-inform der` kafin in ci gaba. Sannan na sake haɗa fayil ɗin, wannan karon da kayansa cikakku:

```
openssl pkcs12 -export -inkey sirri.key -in shaida.crt \
  -certfile tsakiya.crt -out nawa.p12
```

Akwai wata gajeriyar hanya, wato a shiga `Authorities` a danna `Import` a ɗora takardar tsakiyar kai tsaye, kuma ita ma tana aiki. Sai dai a nan ne manhajar ke fito da akwatunan da ake yi wa alama don a ce an yarda da hukumar, kuma hannu yana saurin kaiwa gare su. Ga takardar tsakiya ba a bukatar yi musu alama, domin amincinta daga tushe yake gangarowa, yi mata alama kuwa yana nufin ka ɗaga ta ka mai da ita tushe da kanka, ta yadda ko silsilar tana da matsala ba za ka gani ba, sai wanda ka aika wa ya gani. Inda ake buƙatar alamar `Trust this CA to identify email users` shi ne idan takardar ta fito daga hukumar cikin gida ta wata ma'aikata, wadda tushenta ba ya cikin jerin kowa, kuma a nan ma sai bayan an tabbatar da zanen yatsan takardar, wato jerin lambobin da ke bambanta ta da kowace takarda, ta wata hanya da ba imel ba. Ni na fi son gyara fayil ɗin kansa, saboda shi ne zan ajiye, kuma ba na so ranar da zan sake buƙatarsa in tarar da shi da giɓi.

Bayan na ɗora sabon fayil ɗin, saƙon ya fita. Na buɗe shi a ɗaya akwatin ta cikin burauza, inda ba a san S/MIME ba, na ga rubutuna yadda yake tare da wani ƙaramin fayil da aka maƙala mai suna `smime.p7s`. Wannan fayil shi ne sa hannun, kuma a cikinsa ne takardar shaidata take tafiya. Na ambaci wannan ne saboda mutanen da manhajarsu ba ta gane shi za su tambaye ka mene ne ka aiko musu wanda ya ƙi buɗuwa, amsar kuwa ita ce ba abin buɗewa ba ne, su bar shi. Abokiyar aikina, wadda ke amfani da Outlook, ta ga alamar sa hannu lafiya. Ta gaya mini cewa a wajenta hanyar ta bambanta, domin Outlook ma'ajiyar takardu ta Windows take dubawa, don haka ana fara ɗora fayil ɗin a can, sannan a zaɓe shi a `Trust Center` ƙarƙashin `Email Security`. Darasin da na ɗauka shi ne ɗora takarda a tsarin kwamfuta ba ya nufin kowace manhaja ta gan ta.

Washegari na samu gargaɗi daga wajenta cewa wani saƙona ya zo da sa hannun da bai dace da mai aikowa ba. Da na duba, na ga na aika shi ne daga wani laƙabin adireshi da nake da shi a kan akwatin guda, wanda duk saƙonninsa wuri ɗaya suke sauka, har na manta cewa adireshi ne daban. A wajen takardar kuwa daban ne, tunda ba shi aka rubuta a cikinta ba. Mai adireshi biyu yana buƙatar takarda biyu, ko kuma ɗaya da aka rubuta duka biyun a ciki. Akwai kuma wani abin da ke lalata sa hannu wanda bai same ni ba amma ta ce ta sha gani, wato sabar da ke ƙara wani rubutu a ƙasan kowane saƙo bayan ya bar kwamfutar mai shi. Sa hannun yana kan ainihin abin da aka rubuta ne, idan aka canza ko harafi ɗaya a cikin sashen da ya rufe, manhajar mai karɓa za ta ce an taɓa saƙon, kuma gaskiya ta faɗa.

Sai muka zo kan kullewa, inda na fahimci cewa takardata ba ta ishe ni in kulle wa kowa saƙo ba. Da kwaɗon wanda za a aika wa ake kullewa, don haka takardarta nake buƙata. Hanyar samunta mai sauƙi ce: ta aiko mini da saƙo mai sa hannu, na buɗe shi, manhajar ta ciro takardar ta ajiye, na kuma gan ta a shafin `People`. Daga nan maɓallin `Encrypt` ya yi aiki. Abin da ke faruwa a ciki shi ne manhajar tana ƙirƙirar wani mabuɗi na wucin gadi don wannan saƙon kaɗai, ta kulle rubutun da abubuwan da aka maƙala da shi, sannan ta kulle shi kansa mabuɗin da mabuɗin fili na kowane mai karɓa, har da nawa. Saboda wannan ne ake neman mai aikawa ya zaɓi takardar kullewa tasa, domin kwafin da ke zama a cikin saƙonnin da aka aika shi ma a kulle yake, idan ba a yi masa nasa kason ba, mutum ba zai iya karanta abin da ya rubuta da hannunsa ba. Kuma idan masu karɓa biyar ne, huɗu ana da takardunsu ɗaya babu, saƙon ba zai fita a kulle ba har sai an samo ta ko an cire shi.

Kullewar tana da iyaka da ya kamata a sani tun kafin a saba da ita. Taken saƙo ba ya shiga ciki, haka nan sunan mai aikawa da na mai karɓa da lokacin aikawa, duk sabar da saƙon ya ratsa tana ganinsu. Na daina rubuta abin da ke cikin yarjejeniya a take tun daga ranar. Sannan saƙon da aka kulle ba ya buɗuwa a burauza ko a wayar da ba a ɗora mata mabuɗin ba, abin da ake gani kawai shi ne fayil mai suna `smime.p7m`, kuma binciken da sabar ke yi a cikin saƙonni ba ya ganin abin da ke cikinsa. A ganina sa hannu abu ne da za a iya bari a kunne ga kowane saƙo, kullewa kuwa sai ga wanda ya cancanta.

Abin da ya rage shi ne tsaron mabuɗin, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani. Thunderbird tana ajiye takardu a fayil mai suna `cert9.db`, mabuɗan sirri kuma a `key4.db`, duka a cikin jakar bayanan mai amfani. Idan ba a sa `Primary Password` ba, wato babbar kalmar sirrin da ke kulle mabuɗan da manhajar ta ajiye, duk wanda ya kwafi wannan jaka ya tafi da mabuɗin, kalmar sirrin da aka sa wa fayil ɗin `.p12` kuwa ba ta kare wannan kwafin, aikinta ya ƙare a lokacin ɗorawa. Na shiga `Privacy & Security` na sa ta. Idan kwamfutar ta ɓata, abin yi shi ne a sanar da hukumar ta soke takardar, wanda zai sa manhajojin da ke bincikar matsayin takardu su daina yarda da sababbin sa hannun da aka yi da ita. Sokewar ba ta hana mai riƙe da mabuɗin buɗe tsofaffin saƙonnin da aka riga aka kulle da shi, idan ya kai gare su.

Ɗaya gefen hatsarin shi ne rasa mabuɗin. Hukumar tana iya sake ba ni takarda, amma ba ta da mabuɗina, tunda ni na zaɓi kada ta gan shi, don haka idan ya salwanta, duk saƙon da aka kulle mini da shi ya tafi ke nan. Wannan ya shafi ranar sabuntawa ma. Idan shekara ta cika na karɓi sabuwar takarda da sabon mabuɗi, tsohuwar za ta nuna ta ƙare, kuma zuciya za ta so a goge ta don jerin ya yi tsabta. Ba a gogewa. Ƙarewar wa'adi tana hana sabon sa hannu da sabuwar kullewa, amma tsohon mabuɗin shi kaɗai ne zai ci gaba da buɗe saƙonnin shekararsa.

Na kwafi `nawa.p12` a wurare biyu da ba sa haɗe da intanet, na rubuta kalmarsa a wani wuri na daban, na goge `sirri.key` daga jakar da na yi aikin a ciki. Amma ban yarda da ajiyar ba sai da na gwada ta. Na buɗe manhajar da `thunderbird -P`, na ƙirƙiri sabuwar jakar mai amfani wadda ba ta san komai ba, na haɗa ta da akwatina, na buɗe saƙon da abokiyar aikina ta kulle mini. Manhajar ta ce ba za ta iya buɗe shi ba, wanda shi ne abin da nake so in gani. Sai na ɗauko kwafin da na ajiye, na ɗora shi ta `Import`, na shigar da kalmar da na karanta daga inda na rubuta ta ba daga ƙwaƙwalwata ba, na koma kan saƙon, sai ga rubutunta ya bayyana. Na leƙa `Authorities` na ga takardar tsakiya ta shigo tare da shi, sannan na goge jakar gwajin.